Maimaici a Taro Daga Takardar Gayyata Yake Farawa

Duk taron da aka tsara mutum fiye da ɗaya zai yi jawabi a kan batu guda yana da wurare masu rauni, kuma mafi rauninsu shi ne mahaɗa, wato ɗan lokacin nan da mai magana na farko yake rufe bakinsa na biyu yake buɗe nasa. A wannan wuri ne ake samun ɗayan aibi biyu: ko dai magana ta yanke kwatsam, mai sauraro ya rasa abin da ya haɗa jawabin da ya wuce da wanda ke tafe, ko kuma sabon mai magana ya koma tun daga tushe ya sake zayyano abin da aka gama faɗa mintuna kaɗan da suka shige. An saba ɗora laifin wannan a kan mai gabatarwa, a ce bai iya jan ragamar taro ba, ko a kan masu jawabi, a ce suna da son dogon zance. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa laifin ya girmi ranar taron da makonni, domin yana faruwa ne tun lokacin da kwamitin shirya taro ya aika wa mutum uku takardar gayyata iri ɗaya, mai ɗauke da take ɗaya, ba tare da ya gaya wa kowannensu inda gonarsa ta fara da inda ta tsaya ba.

Ana iya ganin yadda abin yake aukuwa a irin taron wayar da kai da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi suke shiryawa a kan zazzaɓin cizon sauro, ko dai a ranar 25 ga Afrilu da aka keɓe wa cutar a duniya, ko kuma a goshin damina. A ɗauka cewa an gayyaci likita, da ma'aikaciyar jinya mai kula da awon ciki da lafiyar yara, da jami'in tsaftar muhalli wanda jama'a suka fi sani da dubagari, aka ba kowannensu minti 15, aka kuma rubuta wa dukkansu cewa za su yi jawabi a kan illar cutar da hanyoyin kauce mata. Kowane ɗaya daga cikinsu, idan ya zauna shi kaɗai yana shiri, zai fara ne daga inda hankali ya ce a fara: mece ce cutar, wane sauro ne ke kawo ta, waɗanne alamomi gare ta. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, domin jawabin da za a yi shi kaɗai yana buƙatar wannan shimfiɗa. Kuskuren shi ne cewa babu wanda aka sanar da shi cewa jawabinsa kashi ɗaya ne cikin uku na magana guda.

Lissafin abin da ake asara a nan ba shi da wuya. Idan kowane mai jawabi ya ci minti biyu wajen jero gaisuwa, daga shugaban taro zuwa hakimi zuwa limamai zuwa 'yan jarida, minti shida sun tafi. Idan na biyu da na uku kowannensu ya ci minti huɗu yana maimaita bayanin cutar da likita ya riga ya yi, wasu takwas sun bi su. Minti 14 ke nan daga cikin 45, kusan kashi ɗaya cikin uku, kafin a lissafa lokacin da mai gabatarwa zai ɗauka yana karanto makarantun da kowa ya yi da muƙaman da ya riƙe. Abin da ya fi ciwo shi ne cewa ɓangaren da ake yankewa don a cike wannan giɓi kullum shi ne na ƙarshen jawabi, wanda a nan ne kowa ya ajiye abin da shi kaɗai ya sani, sai ma'aikaciyar jinya ta zo kan bayanin maganin rigakafin yara a daidai lokacin da aka miƙo mata takarda cewa lokacinta ya ƙare, dubagari kuma ya fara nasa ana kiran sallar Azahar, rabin mahalarta sun tashi neman buta.

Waɗanda suka fi kowa ƙwarewa wajen magance wannan matsala su ne ma'aikatan rediyo, kuma masu sauraron Hausa sun daɗe suna cin moriyar ƙwarewar ba tare da sun lura da ita ba, tun daga 1957 da BBC ta buɗe sashenta na Hausa har zuwa tashoshin FM na yau. A ɗakin labarai, rahoton wakili yana zuwa ne tare da gabatarwarsa, wato jimloli biyu ko uku da mai karanta labarai zai faɗa kafin a sako muryar wakilin, kuma ƙa'idar aikin ita ce jimlar farko ta rahoto ba za ta maimaita abin da gabatarwa ta faɗa ba: idan mai karatu ya ce ambaliya ta ci gidaje a wani gari, wakili zai fara ne daga halin da mutanen suke ciki yanzu. Ana kuma rubuta tsawon rahoton da kalmominsa na ƙarshe a takardar da ke gaban mai gabatarwa da mai kula da na'ura, ta yadda da zarar an ji waɗannan kalmomi an san lokacin karɓa ya yi, ba a bar shiru ba, ba a kuma hau kan maganar wakili ba. Abu biyu ke nan aka tabbatar tun kafin a shiga ɗakin watsa shiri: an raba abin da kowa zai faɗa, an kuma amince da alamar miƙawa.

Majalisin tafsiri na watan azumi yana da irin wannan tsari ta tasa hanyar. Alaramma mai jan baƙi da malami mai fassara suna miƙa wa juna magana sau da dama a zama ɗaya, amma da wuya a ji sun yi karo, saboda aikin kowannensu sananne ne, wurin tsayawa yana cikin nassin kansa, kuma dogon zama tare ya sa alaramma ya san saukar muryar malam da ke nuna cewa ya kammala, ko da bai ce masa a ci gaba ba. Darasin da mai shirya taro zai ɗauka a nan shi ne cewa masu jawabinsa uku ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa: ba su da nassi ɗaya a gabansu, ba su saba da juna ba, wataƙila ma ranar taron ce haɗuwarsu ta farko. Abin da sabo ya ba malam da alaramma a cikin shekaru, dole kwamiti ya samar da shi a takarda cikin mako ɗaya ko biyu.

Matakin farko shi ne a daina raba wa masu jawabi take, a koma raba musu tambaya, domin take yana da faɗi kuma ba shi da iyaka, ita kuwa tambaya tana ƙarewa da zarar an amsa ta. A misalin da aka ɗauko, tambayar likita ita ce yadda cutar take shiga jiki da yadda ake gane ta: macen sauron nan da ake kira anofilis, da gwajin jini na gaggawa da ake yi da ɗigo ɗaya daga yatsa, da dalilin da ya sa ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, da alamomin haɗari a jikin yaro irin su jijjiga da kasa shan nono da amayar da duk abin da ya ci. Tambayar ma'aikaciyar jinya ita ce abin da uwa za ta yi don kare kanta da 'ya'yanta: maganin kariya da ake ba mai juna biyu a wurin awo daga wata na huɗu, da kuma maganin rigakafi na damina da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a yankin Sahel tun 2012, wanda ake bi gida gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, na kwana uku a jere a kowane wata, sau huɗu ko biyar a cikin damina. Tambayar dubagari kuwa ita ce inda sauron yake hayayyafa da abin da unguwa za ta iya yi a kai. Kowace takardar gayyata ta ɗauki tambayoyin nan uku gaba ɗaya, da sunan mai kowace, ta yadda mutum zai ga abin da aka ba shi, ya kuma ga abin da aka ɗauke masa.

Rabon tambaya kaɗai ba ya isa, domin a kowane batu akwai abubuwan da suke zaune a kan iyaka, waɗanda kowa yake ganin nasa ne. A taron zazzaɓi babban misalinsu shi ne gidan sauro mai magani: likita zai ambace shi a matsayin kariya, ma'aikaciyar jinya ita ce take raba shi a wurin awo, dubagari kuma shi ne yake ganin an mai da shi shingen lambu ko labulen akurkin kaji. Idan ba a zauna an ba mutum ɗaya wannan batu ba, za a ji shi sau uku a gurguje, ba kuwa za a ji shi sau ɗaya da cikakken bayani ba, wato yadda ake shanya sabo a inuwa kafin a fara kwana a ciki, da yadda ake cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Hanyar gano irin waɗannan wurare ita ce kowane mai jawabi ya aiko da kanun maganarsa, layi biyar ko shida, kwana uku ko huɗu kafin taro, sakataren kwamiti ya jera su gefe da gefe ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya fito sau biyu, sannan ya yanke wa zai riƙe shi. Sauran biyun su ambace shi da jimla ɗaya su nuna wanda zai yi bayaninsa.

Wannan jeri yana tono wani abu da ya fi maimaici muni, shi ne saɓani. Ba abin mamaki ba ne likita, yana magana a kan abin da ba fanninsa ba, ya ce kwatami mai ɗoyi ne matattarar sauron zazzaɓi, sannan dubagari ya tashi ya bayyana cewa anofilis ya fi son ruwan da ya kwanta bai ƙazantu sosai ba, irin na kududdufi da ramukan da aka haƙi ƙasar gini da sawun tayar mota bayan an ɗauke ruwan sama, kuma ƙwansa yana zama sauro cikin mako ɗaya zuwa biyu idan akwai zafi. A gaban jama'a dubagari yana da zaɓi biyu marasa daɗi, ko ya gyara wa likita a bainar jama'a, ko ya yi shiru ya bar kuskure ya tafi gida da mutane, kuma a al'adar da ake kiyaye girman mutum yawanci na biyun ake zaɓa. Da an ga kanun maganar tun da wuri, da an warware wannan a waya cikin minti biyu ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Bayan an raba iyaka sai a zo kan mahaɗar kanta, wadda bai kamata ta wuce rabin minti ba, kuma ta ƙunshi abu uku a jere: abin da aka tabbatar a jawabin da ya ƙare, da tambayar da ya bari a buɗe, da dalilin da ya sa mai zuwa ne ya cancanci amsa ta. Likita zai iya rufewa da cewa: "An ji yadda cutar take shiga da yadda ake gane ta. Abin da ya rage shi ne yadda uwa za ta hana ta kama yaronta tun farko, kuma Hajiya ce take zama da iyayen nan kowace safiya a wurin awo. Bismillah, Hajiya." Ita kuma ba za ta koma kan gaisuwa ko ma'anar cuta ba, sai ta kama daga kalmar da aka miƙo mata: "Madalla, Likita. Kariyar yaro tana farawa ne tun yana ciki." Kalmar "Bismillah, Hajiya" ita ce alamar da aka amince da ita, daidai da kalmomin ƙarshe na rahoton rediyo, kuma da jin ta mai riƙe da makirufo ya san inda zai nufa. Ya kamata mutum biyun su ji waɗannan jimloli daga bakin juna kafin taro, ko da a tsaye ne a bakin zaure, amma ba a so su haddace su kalma da kalma, domin haddar tana fitowa a murya kamar karatun ɗan makaranta. Abin da za a riƙe shi ne tambayar da kalmomin miƙawa.

A irin wannan tsari aikin mai gabatarwa yana raguwa, kuma hakan alheri ne gare shi. Ya yi gaisuwar manya sau ɗaya a madadin kowa a farkon taro, ya gabatar da masu jawabi uku a lokaci guda tare da tambayar kowannensu, ya bar tarihin karatunsu a takardar shirin taro ga mai son karantawa, sannan ya koma gefe. Al'adar da wasu masu gabatarwa suke da ita ta taƙaita kowane jawabi bayan an gama shi tana ƙara maimaici na uku a kan na biyu, kuma sau da yawa taƙaitawar tana karkata daga abin da aka faɗa, musamman a batun magani inda kuskuren adadin kwana ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma 'yan abubuwa na zahiri da suke karya mahaɗa ko da an tsara kalmominta da kyau: mai jawabi na gaba yana zaune a ƙarshen zaure, ko makirufo ɗaya ne tak, ko kowa ya zo da tasa kwamfuta sai an cire waya an sake haɗawa da majigi. Zaunar da su ukun a teburi ɗaya da haɗa hotunansu a kwamfuta ɗaya tun da safe yana kawar da wannan.

Akwai hujjoji biyu da ake kawowa a kan wannan ra'ayi, kuma dukkansu suna da nauyi. Ta farko ita ce cewa maimaici yana da amfani ga jama'ar da ba rubutawa suke yi ba, kuma mutane da yawa suna zuwa a makare, saboda haka wanda bai ji likita ba zai ji daga bakin dubagari. Gaskiya ne kunne yana buƙatar nanatawa, amma nanatawar da take zama a ƙwaƙwalwa ita ce gajeriyar magana ɗaya da aka zaɓa da gangan, misali cewa duk zazzaɓin yaro a je a yi gwaji a ranar, wadda kowane mai jawabi zai faɗa da kalmomi iri ɗaya cikin daƙiƙa goma. Ita kuwa shimfiɗar minti huɗu da ake sake yi ba da niyya ba, tana koya wa mai sauraro cewa farkon kowane jawabi ba abin saurare ba ne, sai ya ciro wayarsa, kuma ba lallai ya ɗago kai ba lokacin da sabon abu ya zo. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ban da haka, jimlar farko ta mahaɗa, wadda take faɗin abin da aka tabbatar, ta riga ta biya wa wanda ya makara buƙatarsa.

Hujja ta biyu ta fi wuya, domin ta shafi girma. A wurare da yawa ana jera masu jawabi ne bisa muƙami, babba ya yi magana a ƙarshe, kuma ƙaramin ma'aikaci ba ya iya gaya wa kwamishina ko basarake cewa ga abin da zai faɗa ga abin da zai bari. Ba a musun wannan, amma yana da kyau a lura cewa tsarin da aka saba shi ne yake cutar da babban, tunda shi ne yake tashi bayan an cinye duk abin faɗa, ya fara da cewa waɗanda suka gabace shi sun riga sun faɗi komai, sannan ya ga ba zai zauna haka nan ba sai ya sake faɗa. Mafita ita ce a ba shi tambayar da ta dace da kujerarsa, wadda babu wanda zai iya amsa ta sai shi: hakimi ya faɗi ranar da masu unguwanni za su fito da matasa a cike ramuka, shugaban ƙaramar hukuma ya faɗi lokacin da masu rabon magani za su fara zagaye. Wanda zai kai masa wannan saƙo kuma ya zama shugaban kwamiti da kansa, a matsayin roƙo da neman shawara, ba takarda daga sakatare ba. Dole kuma a yarda cewa akwai tarukan da wannan tsari bai shafe su ba, kamar zaman addu'a ga mamaci ko walimar karrama wani, inda kowa yake tashi ya ba da shaida iri ɗaya kuma yawan shaidar shi ne abin da ake nema.

Ko an yi duk wannan shiri, ranar taro tana zuwa da nata. Mai jawabi na farko yana iya zarcewa ya shiga gonar na biyu, kuma a nan abin da ya fi dacewa da na biyun shi ne ya tsallake abin da aka ci masa, ya nuna shi da jimla ɗaya ya wuce, abin da zai yi masa sauƙi idan tun a gida ya yi wa takardarsa alama a kan sakin layin da za a iya zubarwa. Wani kuma yana iya ƙin zuwa sam, sai mahaɗar da aka tsara ta rasa wanda za a miƙa wa. Saboda haka ne ake so takarda ɗaya mai ɗauke da tambayoyin uku da jimlolin miƙawa ta kasance a hannun mai gabatarwa da kowane mai jawabi, domin idan Hajiya ba ta samu zuwa ba, likita ya san tambayar dubagari ya miƙa masa kai tsaye, a kuma yanke tun kafin a zauna wa zai ɗauki bayanin maganin yara a cikin minti uku. Wannan takarda ita ce kuma take raba gardama a lokacin tambayoyi, inda aka saba ganin mutum ɗaya ya yi tambaya mutum uku sun amsa ta bi da bi da amsa iri ɗaya: mai gabatarwa ya duba tambayar ta faɗa gonar wa, ya miƙa masa ita da sunansa, sauran biyun kuma ba za su sa baki ba sai idan suna da abin da ba a faɗa ba.